Littafin jabu hoton littafi ne, kuma hoto ba ya rasa tabo

A watan Satumbar bara ƙanwata ta aiko mini da jerin littattafan da makaranta ta rubuta wa ɗanta da ya shiga aji huɗu na sakandare. Na shiga kasuwa, na tsaya a wani shago na nemi littafin ilimin halittu. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Malam, wanne za a ba ka, mai kyan ko na talaka?" Ya ciro guda biyu ya ajiye a kan kanta. Bango iri ɗaya, sunan marubuta ɗaya, tambarin kamfani ɗaya, amma kuɗin ɗaya bai kai rabin na ɗayan ba. Wannan mai shago ya yi mini adalci, domin ya faɗa. Da yawa ba sa faɗa, su ba ka na talakan a kuɗin mai kyan, wasu kuma su kansu ba su san abin da dila ya sauke musu ba. Na sayi duka biyun, don na ga abin da ya raba su ido da ido, kuma da su zan yi wannan bayani.

Akwai abu ɗaya da in mutum ya riƙe shi, sauran alamomin duk za su zauna masa. Kamfanin da ya mallaki littafi yana bugawa ne daga asalin fayil ɗin da aka tsara a kwamfuta, daga nan kai tsaye zuwa farantin bugu, wato fallen ƙarfen da injin ke ɗaukar rubutu daga kansa. Ɓarawon fasaha galibi ba shi da wannan fayil. Abin da yake da shi kwafi ɗaya ne da ya saya a kasuwa kamar kowa. Sai ya yanke ƙashin bayansa, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da sikana, ya yi sabon faranti daga hotunan. Wato abin da yake sayarwa hoton littafi ne. Bayan haka ribarsa tana zuwa ne daga abin da ya rage: bai biya marubuci ba, bai biya edita da mai zane ba, sannan ya matse kuɗin takarda da na ɗauri. Saboda haka alamomin jabu iri biyu ne. Akwai tabon da ɗaukar hoto ya bari, akwai kuma tabon rowa. Na farkon ya fi zama hujja, na biyun ya fi saurin ganuwa.

Mu fara da takarda, tunda ita ce hannu ke fara ji. A harkar bugu a Najeriya takarda ce ke cin kaso mafi tsoka na kuɗi, domin manyan masana'antun takarda uku da gwamnati ta kafa a Jebba da Iwopin da Oku Iboku ba su iya ciyar da ƙasar ba, kusan duk farar takardar littafi daga waje ake shigo da ita da dala. Duk wanda ke son rage tsada, nan zai fara sa wuƙa. Ana auna takarda da nauyin murabba'in mita ɗaya. Littafin makaranta na kirki yakan zo a kan mai giram 70 ko 80, takardar jarida kuwa tana wajen giram 45 zuwa 50.

Ga yadda lissafin ya kasance a littattafaina biyu. Kowanne shafi 320 ne, wato falle 160, faɗi santimita 18, tsawo 24. In ka haɗa faɗin fallayen gaba ɗaya za ka samu kusan murabba'in mita bakwai. A kan takarda mai giram 70, cikin littafin zai kai wajen giram 480. A kan mai giram 50, bai wuce 350 ba. Bambancin giram 130 ba ya buƙatar sikeli, tafin hannu ma ya isa, muddin duka biyun suna hannunka. Amma kada kauri ya ruɗe ka. Takarda mai arha wani lokaci tana da kumburi, sai littafin ya yi kauri alhali ba nauyi, kamar burodin da aka cika wa yis.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka ɗaga falle ɗaya ka duba shi a fili, ba lallai sai ka kara shi da rana ba. A na jabun ina karanta shafi na 41 ina hango rubutun shafi na 42 ta baya, har zanen zuciyar da ke can ya yi inuwa a kan bayanin da ke nan. Launin takardar kuma ba fari ba ne, toka-toka ne mai ɗan duhu. Abin da ya fi tona asiri shi ne da na rufe littafin na dubi gefensa: ratsi-ratsi ne, wani yanki fari, wani toka, wani ya yi ja-ja. Wannan na nufin an buga shi a kan ragowar takardu daban-daban, duk wadda aka samu da araha a ranar. Babban kamfani yakan sayi takardar bugu guda a lokaci guda, don haka gefen littafinsa launi ɗaya ne daga farko har ƙarshe.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, su ɗauka duk takardar da ba fara fat ba jabu ce. Ba haka ba ne. Littattafan labari na Turanci da ake bugawa a waje da gangan ake yin su a kan takarda mai ruwan madara, don ta fi sauƙi ga ido. Sau da yawa ma jabunsu ne ke zuwa fari ƙal, irin takardar fotokwafi. Haka littattafan addini da ke zuwa daga Beirut da Alƙahira, da yawa a kan takarda mai ruwan ɗorawa suke, kuma wannan ado ne, ba aibi ba. Sannan tsohon littafi na gaske yakan rine da kansa, sai dai rinin tsufa daga gefe yake farawa ya bi ciki a hankali, inda iska da haske ke taɓawa. Tambayar da ta dace ita ce ko wannan takardar ita ce kamfanin ya saba buga wannan littafin a kai.

Ɗauri shi ne wurin da mai saye yake jin zafin jabu a aljihunsa, domin shi ke sa a sake sayen littafi kafin shekara ta ƙare. Ba a buga littafi shafi-shafi. Ana buga shafi 16 ko 32 a kan babbar takarda ɗaya, a ninke ta, ta zama ƙunshi guda. Littafi mai shafi 320 ƙunshi 20 ke nan na sha shida-sha shida. A aiki mai kyau ana ɗinke kowane ƙunshi da zare ta tsakiyarsa, a haɗa su, sannan a sa gam a manna bango. In ka leƙa littafin ta sama wajen ƙashin baya za ka ga ƙunsoshin jere kamar ƙananan baka, in kuma ka buɗe tsakiyar ƙunshi, misali tsakanin shafi na 8 da na 9 daga fallen farko, za ka ga zaren. Nawa na gasken haka yake. Na jabun kuwa an datse ninkin gaba ɗaya, fallaye ne ɗai-ɗai aka shafa wa gam siriri. Na buɗe shi sosai sau ɗaya na ji ƙas, gam ɗin ya tsage. Irin wannan in ya sha zafin Afrilu a cikin jakar yaro, sannan hunturu ya busar da shi, fallayen tsakiya ne ke fara zubewa.

Sai dai ɗaurin gam kaɗai ba laifi ba ne. Mafi yawan littattafan labari masu laushin bango, na gaske, da gam ake ɗaure su. Abin dubawa shi ne ingancin aikin: ko ƙashin bayan ya miƙe da kusurwa ko ya lotsa, ko sunan littafin da ke kansa ya zauna a tsakiya ko ya zame ya hau bango, ko ledar bangon ta fara ɗagowa a kusurwa tun a shago. Na jabun nawa sunan ya zame da kusan milimita uku, kuma dalilin a fili yake. An kwafi bangon ne daga littafi mai wani kauri, aka naɗa shi a kan littafi mai wani kaurin daban. Ka kuma ƙirga shafuka a gurguje. Ƙunshi guda ya ɓace, ko ya zo sau biyu, ko ya zo a kife, wannan ya fi yawa inda ake haɗawa da hannu cikin gaggawa ba mai dubawa.

Yanzu ga inda hujja take, wato kaifin bugu. Rubutun da ya fito daga asalin fayil zuwa faranti gefensa kamar an yanka da reza yake. Wanda ya bi ta sikana kuwa ya riga ya zama ɗigo-ɗigo, sai gefen harafi ya yi gashi-gashi. Don rubutun ya fito baƙi, mai aikin yakan ƙara duhu, sai ramukan ƙananan haruffa irin su a da e su cike da tawada. In kuma ya rage duhu don takardar ta fito fes, sai siraran layuka su ɓace. Ba sai da gilashin ƙara girma ba, kyamarar waya ta isa. Ka ɗauki hoton layi ɗaya na ƙananan rubutun da ke ƙasan zane, ka buɗa shi sosai, ka kwatanta.

A littafin Hausa, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ce ke fara tafiya, har ƙasa ta koma kasa, ɓari ya koma bari. A littafin lissafi abin ya fi muni, domin ɗigon da ya raba 2.5 da 25 ƙanƙani ne, haka ƙaramar lambar da ke saman harafi da alamar ɗebewa. Na taɓa ganin yaro yana ta fama da amsar da ke bayan littafi ba ta zo daidai da tasa ba, yana zargin kansa, alhali alamar ɗebewa ce ta narke a wajen bugu. Malamin ma sai da ya ɗauko nasa kwafin kafin ya gane.

Hotuna kuwa ba sa iya rufa wa ɓarawo asiri. Injin bugu ba ya buga launin toka, ƙananan ɗigo yake jerawa a kan tsari, ido ya haɗa su ya ga inuwa. In aka ɗauki hoton wannan hoto aka sake mayar da shi ɗigo a karo na biyu, tsarin farko da na biyu sai su yi karo, wani zane ya bayyana a kan hoton kamar saƙar tabarma, ko irin rawar da riga mai ƙananan ratsi ke yi a talabijin. A nawa na jabun, hoton ƙwayar halitta da aka ɗauka ta madubin likita ya koma baƙin dunƙule mai saƙar tabarma a kai, kibiyoyin da ke nuna sassansa suna nan, amma abin da suke nunawa babu. Zanen zagayawar jini kuma, wanda a na gaske ja da shuɗi ne, an buga shi baƙi da fari don tsimin faranti, domin kowane launi farantinsa daban. Bayanin da ke ƙasa yana nan yana cewa a dubi jan layi. Wannan saɓani tsakanin abin da rubutu ke faɗa da abin da ido ke gani yana cikin alamomin da ba sa ƙarya.

Akwai wasu tabon da nake jin daɗin samu, don suna ba da labarin kwafin da aka sata daga gare shi. Wata inuwa mai duhu a gefen ciki na shafi tana nuna ba a ma yanke littafin ba, danna shi aka yi a kan gilashin sikana. Layukan da suka karkace a shafi ɗaya suka miƙe a na gaba suna nuna an ajiye fallen a karkace. A shafi na 117 na nawa akwai wani ɗan layi a ƙarƙashin wata kalma, na ɗauka biro ne, na murza bai goge ba. Na koma shagon na buɗe kwafi uku, duka suna da shi a wuri ɗaya. Wani ɗalibi ne ya ja layi a littafinsa, aka buga layin nasa sau dubbai.

Shafin haƙƙin mallaka, wanda ke bayan shafin suna, shi mutane suka fi dogara da shi, kuma shi ya fi saurin yaudara. Ɓarawo ya kwafe shi kamar yadda ya kwafi sauran, har da gargaɗin cewa ba a yarda kowa ya sake bugawa ba. Don haka ganin alamar © da adireshin kamfani da lambar rajistar littafi ta ISBN ba ya tabbatar da komai. Amfanin shafin shi ne ka ɗauke shi a matsayin mai ba da shaida, ka yi masa tambayoyi, ka ga ko maganarsa ta dace da jikin littafin.

Shafin nawa na jabun ya ce an buga littafin a wata babbar maɗaba'a a ƙasar waje, amma gam da yankan gefen na aikin lungu ne. Bangon ya ce sabon bugu ne da aka yi wa gyara, shafin ciki kuma ya tsaya a shekarar tsohon bugu, wato an ɗora sabon bango a kan tsohon ciki, abin da ake yawan yi idan manhaja ta canja kuma akwai tsofaffin faranti a ajiye. Yaron da aka ce ya buɗe shafi kaza a aji sai ya tarar da wani darasi daban. Lambar ISBN ma tana da abin faɗa. Tun daga farkon 2007 lambobi 13 ne, kafin nan 10 ne. Littafin da aka yi wa rajista a Najeriya, inda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke ba da lambar, yana farawa da 978-978, na farkon na littattafai ne gaba ɗaya, na biyun na ƙasar. Ka duba ko lambar da ke ciki ita ce ke bayan bango, sannan ka haska layukan da ke bayan bangon da waya. A jabu sau da yawa layukan sun cakuɗe ba sa karantuwa, ko su fito da wani littafin daban. Littattafan waje kuma sukan sa jerin lambobi kamar 10 9 8 7 6 5 4, mafi ƙanƙantar ita ce ke nuna karo na nawa aka buga. In kwafin da ke cika kasuwa sabo fil bana yana ɗauke da lambar bugun farko na shekaru goma da suka wuce, akwai abin tambaya.

Wani lokaci ba kwafa ake yi ba, sake bugawa ake yi a kwamfuta, musamman wannan shafin, don a cire sunan maɗaba'ar asali. Nan sai ka ga salon haruffansa ya bambanta da na sauran littafin, ko kuskuren rubutu a sunan titin kamfanin. Kamfani ba ya kuskuren adireshinsa.

Duk wannan ma'auni yana rushewa idan aka zo littattafan labari na Hausa da suka cika kasuwar Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980. Waɗannan marubucin ne da kansa, ko mai shagon da ya ɗauki nauyinsa, ke kai wa ƙaramar maɗaba'a. Takardar jarida ce, waya biyu ce ta riƙe tsakiya, labari ɗaya a raba shi kashi uku ko huɗu, da yawa ba su da ISBN kwata-kwata. In ka auna su da ma'aunin littafin kamfani, duk za ka kira su jabu, alhali su ne na gasken. A nan tabon rowa ba shi da amfani, tunda kowa ya yi tsimi. Abin da ya rage shi ne tabon hoto: launin bango da ya dushe ko ya yi duhu fiye da na farko, fuskar da ke bangon da ta yi dishi-dishi, rubutun da ya yi kauri, da girman shafi da ya ɗan ragu don an datse gefe sau biyu. Sai kuma sanin hanyar da littafin ya bi, wato wane shago marubucin ya ba rabawa.

Haka nan akwai littafi mai araha da ba na sata ba. Manyan kamfanonin waje sukan buga littattafan jami'a a kan takarda mara tsada, baƙi da fari, laushin bango, su rubuta cewa na sayarwa ne a wasu ƙasashe kawai, galibi Indiya da maƙwabtanta ko Afirka. Takardarsa sirirya ce, amma rubutunsa kaifi ne, domin daga asalin fayil ya fito. Wannan shi ya sa na ce kaifin bugu ya fi takarda zama hujja. Kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a Maris na 2023, tana kare rubutaccen aiki har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Tsohon matanin da malaminsa ya rasu ƙarnuka da suka wuce kowa na iya bugawa, ko da yake sabon sharhi ko fassarar da wani ya yi masa tana da nata haƙƙin.

Akwai kuma jabun da ido ba ya kamawa ko kaɗan, kuma gara a faɗi wannan a fili. Na farko shi ne wanda ake bugawa a manyan maɗaba'un Asiya a shigo da shi cikin kwantena, wani lokaci takardarsa ta fi ta mai littafin kyau. Na biyu shi ne wanda fayil ɗin asali ya fita ta hannun wani na ciki. Na uku, wanda ya fi ci wa marubutan Hausa tuwo a ƙwarya, shi ne ƙarin dare: marubuci ya ba da aikin kwafi dubu biyu, mai maɗaba'a ya buga dubu uku da faranti ɗaya da takarda ɗaya, ya fitar da dubu ta bayan gida. Wannan ba hoton littafi ba ne, littafin ne kansa, babu tabon da za a nema. Shi ya sa wasu kamfanoni ke manna tambari mai ƙyalli a bango, wasu marubuta kuma ke buga hatimi ko su sa hannu a kowane kwafi, duk da cewa tambarin ma ana kwaikwayonsa. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya idan ta kai samame ba takarda kawai take shinshinawa ba, takardun sayen kaya take tambaya, daga wa aka saro, da wane rasit. Ga makarantar da ke sayen kwafi ɗari biyu a lokaci ɗaya, wannan ita ce hanyar da ta fi: a nemi kwafi ɗaya daga ofishin kamfanin ko wakilinsa a ajiye a matsayin ma'auni, a buɗe katan uku daban-daban a zaro ɗaya-ɗaya daga tsakiya, ba daga sama ba, domin akan shimfiɗa na gaske a saman katan a cika ƙasa da jabu.

Na kai wa yaron na gasken. Na jabun yana nan a kan teburina, kuma tun kafin hutun zangon farko fallayen da suka fara daga shafi na 145 suka zube, ba tare da ya taɓa shiga jakar makaranta ba.